Kayan Aike: Na Wane Ne Kafin A Sayar, Kuma Wa Ke Ɗaukar Asara?

Jawabin da kwamitin lissafi da sasanci ya gabatar a taron cikar shekara na ƙungiya, a Gadarif

 



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan abin da ya fi kawo mana ƙara a zaman sasanci, wato kayan aike. Mutum ya sayi riɗi a kasuwar amfanin gona ta nan Gadarif, ya ɗora a mota, ya aika wa wakilinsa a Bur Sudan ya sayar masa. Ko kuma ɗan'uwa daga Matama ya turo kaya ta Gallabat, ɗayanmu ya karɓa ya sayar ya ɗauki la'adarsa. Wannan hanya ba sabuwa ba ce gare mu. Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano a gidan fatoma suke sauka, shi ya ajiye kaya, ya nemo mai saye, ya ɗauki la'ada. Abin da ya sauya shi ne yawan kuɗin, da nisan da ke tsakanin mai kaya da kayansa, da saurin canjin farashi.

Duk maganarmu ta yau a kan ginshiƙi ɗaya take tsaye: kayan da ka aika wa wakili naka ne har ranar da aka sayar da su. Ranar da mota ta tashi daga Gadarif ba ka yi ciniki ba, ba ka ci riba ba, ba ka kuma bin wakili bashin ko sisi. Sito kawai kayanka suka sauya. Shi wakili amintacce ne. Malamanmu na fiƙihu sun bayyana cewa wakili ba ya biyan abin da ya halaka a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka umurce shi. Wanda ya riƙe wannan ginshiƙi, sauran lissafin zai zo masa da sauƙi. Wanda ya sake shi, shi ne za ka ji yana cewa wakilinsa ya cinye shi alhali kayansa na nan jibge a sito.

Bari mu ɗauki mota ɗaya mu bi ta daga farko har ƙarshe. Alƙaluman da za mu faɗa na misali ne, mun zaɓe su don su raba daidai, ba farashin kasuwar yau ba ne.

Alhaji ya sayi riɗi kintar 1,000 bayan kaka. Kintar ɗaya ya kusa kilo 45, don haka kayan sun kai tan 45 ko kusa da haka. Ya saya kowane kintar a kan fam 100,000, jimla fam miliyan 100. Kafin mota ta tashi ya biya buhuna da ɗinki, da 'yan dako, da harajin kasuwa, da kuɗin mota har Bur Sudan, da inshora, duka fam miliyan 10. To ko da motar ta kama hanyar Kasala, kayan sun tsaya masa a kan fam miliyan 110, wato kowane kintar 110,000. Wannan shi ne adadi na farko da ya kamata ya rubuta a littafinsa, a shafin da ya buɗe wa wannan mota ita kaɗai. Kowace mota da shafinta. In aka haɗa motoci uku a shafi ɗaya, ba mai iya gane wadda ta kawo riba da wadda ta ci uwar kuɗi.

Tare da kayan zai ba direba takardar da ta nuna yawan buhuna, da nauyi, da irin riɗin, da mafi ƙarancin farashin da ya yarda a sayar. Wannan takarda ba rasidin ciniki ba ce, bayanin kaya ce kawai. Haka nan wakili ya turo wa Alhaji fam miliyan 40 kafin alƙalami. Shi ma wannan ba kuɗin ciniki ba ne. Bashi ne wakili ke bin Alhaji, za a cire shi ranar hisabi.

A gangaren Akaba, kafin a sauka bakin teku, tirela ta karkace, buhuna suka zube cikin kwazazzabo. Aka tsince abin da ya tsintu, kintar 100 suka tafi. Wakili ya karɓi 900. Ya biya 'yan sauke kaya, da awo, da masu rairaya, duka fam miliyan 2.2. Da aka rairaye aka fitar da ƙasa da ƙaiƙayi da tsakuwa, aka sake awo, sai aka sami kintar 880. Ashirin sun ragu.

A nan muke roƙon kowa ya natsu, don a nan rigima take farawa. Kaya sun ragu sau biyu, amma raguwar ba iri ɗaya ba ce.

Kintar 20 ɗin nan raguwa ce ta al'ada. Duk wanda ya taɓa sayen riɗi daga gona ya san ba a rairaye shi ya fito yadda ya shiga, kuma yana ƙara bushewa a hanya. Ba laifin direba ba ne, ba laifin wakili ba ne, ba kuma abin da za a iya hanawa ba ne. Saboda haka ba a rubuta mata kuɗi daban. Kayan da suka saura su ke ɗauke ta. Kintar 900 da suka iso sun tsaya a kan fam miliyan 99. A ƙara miliyan 2.2 na saukewa da rairaya, ya zama miliyan 101.2. Maimakon a raba wannan kuɗi gida 900, sai a raba shi gida 880, abin da ya rage mai tsabta. Kowane kintar ya tashi a kan 115,000. Ka ga raguwar ta shige cikin farashi, ba wanda aka ce ya biya.

Kintar 100 na Akaba kuwa asara ce ta ba-zata. Ba kowace mota ke faɗuwa ba. Irin wannan asara, ko haɗari ne, ko gobara, ko sata, ko ruwan sama da ya ratsa tamfol, ana cire ta gefe a yi mata kuɗinta. Da wane farashi? Da abin da kayan suka tsaya wa mai su a daidai wurin da suka halaka. A Akaba kowane kintar yana kan 110,000, don ba a kai ga biyan saukewa da rairaya ba tukuna. Asarar fam miliyan 11 ke nan. Ba za a lissafa ta da 140,000 da aka sayar da sauran ba, domin ribar da ba a ci ba, ba a yin asararta a littafi. Ba za a kuma lissafa ta da 100,000 na kasuwar Gadarif ba, domin waɗannan buhunan ma an biya musu dako da mota. Da a ce gobara ce ta ci kintar 100 a siton wakili bayan an rairaye, da asarar miliyan 11.5 ce, don a lokacin kowane kintar ya kai 115,000. Ƙa'idar ɗaya ce: duba inda kayan suka kai, ka tara abin da aka kashe musu har zuwa wurin.

Wani zai ce, to me ya raba su, tun da duka daga aljihun Alhaji suka fita? Abin da ya raba su shi ne gaskiyar da littafi zai faɗa masa. A ce ya binne asarar Akaba cikin sauran kayan, kamar yadda wasu ke yi. Zai tara miliyan 110 da miliyan 2.2 ya raba gida 880, ya sami 127,500. Daga nan abu biyu za su lalace. Na farko, zai ga kamar kai riɗi Bur Sudan ba ya da riba sosai, ya ƙi aika mota ta gaba, alhali hanyar da ribarta, tsautsayi ne ya faɗa wa mota ɗaya. Na biyu, kayan da suka yi kwantai za su hau kuɗin da ba su kai ba, ya riƙa ganin dukiya a takarda wadda babu ita a sito.

Yaya ake gane raguwar al'ada da wadda ta wuce al'ada? Da yarjejeniya tun kafin lodi. A rubuta cewa raguwar da ba ta wuce, misali, uku cikin ɗari ba, ta al'ada ce, abin da ya haura haka sai an kawo bayani. Kintar 20 cikin 900 bai kai uku cikin ɗari ba, don haka babu magana. Da wakili ya ce 70 suka ragu a rairaya, to sai a tambaya: ina takardar awon shiga, ina ta fita, wa ya tsaya a kan ma'auni, ina dattin da aka fitar? Kowane kaya da nasa haddin. Albasa tana raguwa fiye da dawa nesa ba kusa ba, ƙaro sabon tsinka yana sauke nauyi yayin da yake bushewa. Dattawan kowane layi sun san abin da aka saba, su ya kamata a tambaya a rubuta, kafin a yi asara ba bayanta ba.

Mu koma ga motarmu. Wakili ya sayar da kintar 700 a kan 140,000 kowane, ya tara fam miliyan 98. Ya biya hayar sito da mai gadi da zirga-zirgar neman masu saye, fam miliyan 1.3. La'adarsa biyar cikin ɗari ce, kuma a kan abin da aka sayar ake cire ta, wato miliyan 98, ta zama miliyan 4.9. Ba shi da la'ada a kan kintar 100 da suka zube, ba shi da ita a kan 180 da ba a sayar ba sai ranar da ya sayar da su.

Waɗannan 180 su ne kwantai. Na Alhaji ne, ko da yake suna kwance a siton wani a wani gari. Kuɗinsu 180 sau 115,000, wato fam miliyan 20.7. A lura, hayar sito da kuɗin gadi da la'ada ba sa shiga cikin kuɗin kwantai. Abin da ke shiga shi ne kuɗin da aka kashe sau ɗaya don kawo kaya inda suke, a yanayin da suke: mota, dako, haraji, rairaya. Hayar sito kuwa kowane wata ake biya, kuma buhu ba ya ƙara daraja don ya daɗe a kwance. Da ya bi lissafin nan na 127,500, da ya rubuta kwantai a kan miliyan 22.95, ya ƙara wa kansa miliyan 2.25 na iska.

Ga yadda shafin motar zai kasance. Ɓangaren abin da ya fita:

Riɗi kintar 1,000: miliyan 100
Kuɗin da Alhaji ya kashe: miliyan 10
Saukewa, awo da rairaya: miliyan 2.2
Sito, gadi da zirga-zirga: miliyan 1.3
La'ada: miliyan 4.9
Jimla: miliyan 118.4

Ɓangaren abin da ya shigo ko ya saura:

Ciniki, kintar 700: miliyan 98
Asarar Akaba, an kai ta shafinta: miliyan 11
Kwantai, kintar 180: miliyan 20.7
Jimla: miliyan 129.7

Bambancin miliyan 11.3 ne, ita ce ribar cinikin. Mai son ya tabbatar ya bi ta wata hanya: kintar 700 sun tsaya a kan miliyan 80.5, an sayar miliyan 98, saura 17.5, a cire sito da la'ada miliyan 6.2, a sami 11.3 ɗin dai.

Ita kuma asarar miliyan 11 tana shafinta tana jiran inshora. A ce kamfanin ya biya miliyan 8. Miliyan 3 da suka rage su ne ainihin abin da tsautsayi ya ci, a cire su daga ribar shekara, Alhaji ya tashi da miliyan 8.3. Da bai yi inshora ba, da fam 300,000 kawai zai gani a kan kayan miliyan 110. Masu ƙyamar inshora saboda addini su tuna cewa a nan Sudan aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a shekarar 1979, a kan tsarin taimakekeniya. Amma a karanta takardar da kyau. Inshorar kaya ta yau da kullum ba ta ɗaukar ɓarnar yaƙi sai an ƙara wannan sharaɗi daban, kuma tun daga 15 ga Afrilun 2023 kowa a wannan zaure ya san me hakan ke nufi.

Yanzu nawa wakili zai turo? Zai rubuto bayanin ciniki: an sayar da kaza a rana kaza ga wane, an kashe kaza, ga rasidai. Miliyan 98, a cire 2.2, a cire 1.3, a cire 4.9, saura miliyan 89.6. A cire kafin alƙalami miliyan 40, zai turo miliyan 49.6. A nan ne mai lissafi da aljihu yake ruɗewa. Yana ganin ya fitar da miliyan 110, abin da ya dawo masa duka 89.6, sai ya ce ya faɗi da miliyan 20.4, ya fara zargin wakili. Ya manta da kintar 180 da ke sito, ya manta da kuɗin da yake bin inshora. Zumuncin shekara da shekaru yakan mutu a kan wannan mantuwa.

Akwai gargaɗi ɗaya game da kwantai. Ana rubuta su a kan abin da suka tsaya, sai fa in kasuwa ta faɗi ƙasa da haka. In lokacin rufe littafi kintar ya koma 110,000, to bayan an cire la'ada abin da zai shigo hannu 104,500 ne, kwantai su zama miliyan 18.81, a karɓi faɗuwar miliyan 1.89 tun yanzu. In kuwa kasuwa ta tashi, ba a rubuta riba sai an sayar. Zakkar waɗannan kaya ma a wuyan mai su take, ba a wuyan wakili ba, kuma ƙiyasin zakka da nasa hukunci daban, a tambayi malamai.

Sai maganar bashi. In wakili ya sayar da kintar 200 bashi, mai sayen ya gudu, wa ya yi asara? In Alhaji ya ba shi izinin sayarwa bashi, kuma ya sayar wa wanda aka sani a kasuwa, asarar ta Alhaji ce. In an ce masa hannu da hannu ya je ya bayar bashi, ya ƙetare umurni, shi zai biya. A littattafan lissafi na zamani akwai tsarin da ake ƙara wa wakili la'ada ta biyu don ya ɗauki nauyin duk bashin da ya mutu. Sai dai mafi yawan malamai ba su yarda a karɓi lada a kan lamuni ba, don haka wanda ke son wannan tsari ya zauna da malami kafin ya sa hannu. Abin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta ƙarara: an yarda da bashi ko ba a yarda ba, har zuwa nawa, na kwana nawa.

A rubuta kuma ranar turo kuɗi. A watan Fabrairun 2021 farashin dala a hukumance ya tashi daga fam 55 zuwa kusan 375 a rana ɗaya, Habasha ma ta saki darajar bir a Yulin 2024. Wakilin da ya riƙe kuɗin ciniki wata biyu ya mayar da su cif, a ƙidaya bai ci ko sisi ba, amma abin da kuɗin za su saya ya ragu. In ciniki da bir aka yi a Matama, a rubuta canjin ranar da aka sayar, da wanda zai ɗauki bambanci in an yi jinkiri.

Abu na ƙarshe shi ne kayan da ake bayarwa a kan a sayar ko a dawo da su. Mutane suna haɗa shi da wakilci, alhali sun bambanta. A ce ka ba mai kanti a Gallabat katan 200 na sabulu, sun tsaya maka 10,000 kowane, ka yanka masa 12,000, ka ba shi kwana 30. Wannan mutum ba wakilinka ba ne, mai saye ne da aka ba zaɓi. Ba shi da la'ada. In ya sayar a kan 15,000 ribarsa ce, ba sai ya gaya maka ba. Katan yana zama nasa ta ɗayan hanyoyi uku: ya ce ya karɓa, ko ya sayar wa wani, ko wa'adi ya cika bai dawo da shi ba. Daga wannan lokaci kana bin sa 12,000, ko shi an biya shi ko ba a biya shi ba. Kafin nan kuwa kayanka ne. In ranar rufe littafinka ya karɓi 150, ya dawo da 30, 20 suna hannunsa wa'adi bai cika ba, cinikinka katan 150 ne, fam miliyan 1.8. Ashirin ɗin nan ka rubuta su cikin kayanka a kan 10,000 kowane, kada ka rubuta su bashi a kan 12,000. Kuma tun da naka ne, in gobara ta ci su cikin wa'adi ba da sakacinsa ba, asalin magana kai za ka ɗauka, sai dai shi zai kawo shaidar cewa sun halaka. Shi ya sa wa'adi ba ya zama a baki. A rubuta ranar, a rubuta wanda zai biya motar dawowa, da yanayin da za a karɓi kayan da aka dawo da su.

Don haka kwamiti yana roƙon taro ya amince cewa daga wannan kaka, duk ƙarar kayan aike da za a kawo gabanmu ta zo da takardu huɗu: yarjejeniyar da ta faɗi la'ada da haddin raguwa da hukuncin bashi da ranar turo kuɗi, takardar awon lodi, takardar awon sauka da wakili da direba suka sa wa hannu, da bayanin ciniki tare da rasidansa. In an yi haɗari ko sata, a ƙara da rahoton 'yan sanda da sanarwar da aka kai wa inshora a kan lokaci. Wanda bai iya rubutu ba, magatakardan ƙungiya zai rubuta masa a karanta a gaban shaidu biyu. Allah da kansa ya umurce mu da rubuta bashi a cikin Suratul Baƙara, kuma rubutu ba zargi ba ne. Yana kare wakili mai gaskiya kamar yadda yake kare mai kaya, yana kuma kare magada in ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya kaya na kan hanya.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare direbobinmu, ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya, ya dawo wa ƙasar nan da zaman lafiya.